Yadda za ka rubuta wasiƙar neman aikin shef shantiye bayan ka gama bautar ƙasa

Ƙannena da ke fitowa daga bautar ƙasa sun yi ta tsare ni da tambaya guda, wasu a bakin masallaci, wasu ta waya: yaya ake rubuta wasiƙar neman aikin kula da shantiye alhali mutum bai taɓa riƙe shantiye da kansa ba? Na daɗe ina zama a teburin da ake tace dosiyoyin masu neman aiki a wani kamfanin gine-gine a nan Yamai, kuma abin da na fi gani shi ne yaro ya shafe shekara biyu yana yawo cikin ƙura da siminti, amma wasiƙarsa ta zo fayau kamar ta wanda bai taɓa taka wurin gini ba. Shekara biyun nan su ne jarinka, kuma duk aikin wasiƙar shi ne ta fito da su ta hanyar da mai kamfani zai gane. Zan yi magana da kai a matsayin namiji don sauƙin rubutu, amma ƙannena mata injiniyoyi, matakan duk ɗaya ne. Misalan zan ba da su da Hausa don mu fahimci juna, kai kuma ka zuba su cikin Faransanci, tunda da shi kamfanonin gini ke karɓar takardu.

1. Gane kujerar da kake nema

Kafin ka taɓa alƙalami, ka karanta sanarwar aikin sau biyu, ka ja layi ƙarƙashin sunan muƙamin. Sunaye uku ne suka fi fitowa, kuma yara na cakuɗa su:

```
Chef de chantier
Conducteur de travaux
Contrôleur de travaux
```

Na farko shi ne mai wuni a shantiye guda daga safe har yamma, yana raba wa magina da masu ɗaurin ƙarfe da kafintoci aiki, yana ƙirga siminti, yana cika littafin shantiye. Na biyu yana samansa, yakan riƙe shantiye biyu ko uku a lokaci ɗaya, da tsarin lokaci da sayen kaya da lissafin kuɗi. Na uku ba ma'aikacin mai gini ba ne sam, yana gefen mai aikin ne ko ofishin da aka ɗauka ya sa ido, aikinsa ya duba ya ce an yi daidai ko a rushe a sake.

Abin da ya sa na tsaya a nan shi ne, yawancin injiniyoyin da suka yi bautar ƙasa a ma'aikata ko a ofishin jiha ko a meri, a gefen na uku suka zauna. Sun iya gano kuskure. Shi kuwa mai kamfani yana neman wanda zai hana kuskuren faruwa, da lebura talatin a gabansa, da motar rairai da ba ta iso ba. Wasiƙarka dole ta nuna ka san akwai bambanci tsakanin kujerun biyu.

Hattara: kada ka rubuta cewa kana neman “duk aikin da ya dace da karatunka”. Irin wannan takarda ba ta da wurin zama, don mai tacewa yana jera dosiyoyi ne bisa muƙami, wadda ba ta faɗi muƙami ba sai ta koma ƙasan tari.

2. Tono abin da ka yi cikin shekara biyun

Wannan matakin ya fi rubutun kansa ɗaukar lokaci, kuma shi ne yara ke tsallakewa. Ka ware yini guda. Ka ɗauko tsohon littafinka na aljihu, hotunan da ke cikin wayarka, takardun izinin tafiya aiki idan ka ajiye kwafinsu, da duk rahoton taron shantiye da sunanka ya fito a jerin mahalarta. Ka ɗauki farar takarda, kowane aiki ka ba shi layi ɗaya, ka amsa tambayoyi biyar a kansa: wane irin gini ne, a wane gari, girmansa nawa, wata nawa ka yi kana zuwa, kuma me hannunka ya yi.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Na haɗa shi ne don koyarwa, amma irinsa ne ke zuwa teburina kullum. Yaro ya gama karatun injiniyan gine-gine a makarantar injiniyoyi ta EMIG da ke Yamai, aka tura shi bautar ƙasa wani ofishin fasaha a Tawa. Da ka tambaye shi me ya yi, sai ya ce maka, “Wallahi yaya, ba komai, bin shef kawai nake yi.” Da muka zauna da hotunan wayarsa, ga abin da ya fito. Ya bi ginin aji uku da makewayi a wani ƙauye wajen Madawa har wata bakwai, daga haƙar tushe zuwa karɓar aiki ta wucin gadi, yana zuwa sau biyu a mako. Shi ne ke duba ɗaurin ƙarfe kafin a zuba beto, yana auna tazarar zobba da tef, yana duba ko an sa ƴan tsakuwar siminti da ke ɗaga ƙarfe daga jikin katako. Sau biyu ya hana zubi saboda ƙarfen ya manne da kofraj, wato katakon da ake zuba beto a ciki. Ya kuma bi gyaran hanyar jar ƙasa ta kilomita 12 wajen Keita har wata huɗu, inda ya tsaya tare da masu gwajin daddaɓar ƙasa yana rubuta sakamako. A ofis kuwa shi ke fitar da adadin kaya daga zane, shi ke rubuta daftarin rahoton taro shef ya sa hannu.

To wannan shi ne “ba komai”. A cikinsa akwai wata goma sha ɗaya na shantiye, gini da hanya, da hukunci biyu da ya yanke da kansa. Daga cikin jerin, ka zaɓi aiki biyu kacal, waɗanda suka fi kusa da irin aikin kamfanin. Idan kamfanin gidaje da makarantu yake ginawa, aji ukun nan ne kan gaba. Idan na hanyoyi da kwalbatoci ne, hanyar Keita ce za ta fara, aji ukun su biyo baya a jimla ɗaya. Sauran duk su tafi takardar tarihin aiki, can ne mazauninsu.

Akwai waɗanda bautar ƙasarsu ta kai su aji, suka yi shekara biyu suna koyar da lissafi ko fizik a sakandare. Idan kai ne, kada ka ɓoye, don takardar kammalawa za ta faɗi inda ka zauna. Ka faɗe shi a jimla ɗaya, sannan ka jingina wasiƙar a kan sitaj ɗin da ka yi lokacin karatu, da aikin ƙarshen karatunka, da duk ginin da ka sa wa ido a gefe, ko da gidan kawunka ne mai ɗaki huɗu, matuƙar kai ka fitar da adadin ƙarfe da siminti kuma za ka iya nuna gidan. Irin wannan yaro na fi ba shi shawarar ya nemi mataimakin shef shantiye, ya rubuta haka ƙarara.

Hattara: kada ka saka kuɗin kwangila, ko sunan ɗan kwangilar da ka kama da kuskure. Garin nan ƙarami ne, mai karanta wasiƙarka zai iya zama abokin cin tuwonsa. Ka faɗi kuskuren da yadda aka gyara, ka bar sunan.

3. Kalma uku: na gani, na duba, na yi

Ga inda ake gane mai gaskiya. Kowane layi na jerinka, ka tambayi kanka a wane mataki ka tsaya. Akwai abin da ka gani ana yi kana tsaye. Akwai abin da ka duba ka ba da ra'ayi aka saurare ka. Akwai abin da ka yi da hannunka ko ka ba da umarni aka yi. Kowanne da kalmarsa, kuma kada ka ɗaga ɗaya zuwa matakin da ke samansa.

Yaronmu na Tawa ba zai rubuta “na jagoranci ginin aji uku” ba, don ba shi ya jagoranta ba. Zai rubuta “na bi ginin a gefen masu sa ido, ni ke duba ƙarfe kafin kowane zubi”. Gwajin daddaɓar hanya ma ba shi ya yi ba, masu ɗakin gwaji ne suka yi, shi ya halarta ya rubuta. Wannan ba rage daraja ba ne. Mai tacewa injiniya ne, ya san ba a ba ɗan bautar ƙasa ragamar kwangila, da ya ga “na jagoranta” sai ya fara shakkar sauran layukan duka.

Akwai dalili na biyu da yara ba su sani ba. Idan kamfani zai shiga takarar kwangilar gwamnati ko ta wata ƙungiya, yana saka takardun ma'aikatansa cikin dosiyen takara, ana kuma ƙirga shekarun ƙwarewar kowanne da irin ayyukan da ya yi, a gwada da takardun shaida. Ke nan abin da ka rubuta zai iya fita daga ofishinmu ya je gaban wani kwamiti. Kamfani ba ya son ɗaukar wanda takardunsa ba su yarda da juna ba. Don haka kwanan watan fara bautar ƙasarka da na gamawa su zama iri ɗaya a wasiƙa, a tarihin aiki, da kan takardar kammalawa. Bambancin wata biyu ma ana lura da shi.

4. Kan takarda

Wannan ba ya cin lokaci. Farar takarda A4, shafi ɗaya, rubutu mai girman 11 ko 12. Sama ta hagu sunanka, unguwa da gari, lambar waya, adireshin imel. Sama ta dama gari da kwanan wata, ƙarƙashinsu wanda kake rubuta wa, da muƙaminsa kamar yadda sanarwar ta faɗa. Sai layin dalili, wanda ya kamata ya ɗauki sunan muƙamin da lambar sanarwa idan tana da ita:

```
Objet : Candidature au poste de chef de chantier
```

Lambar wayar ta zama wadda ke hannunka, ba ta babanka ba, kuma idan kana ƙauyen da layi ke yankewa ka ƙara ta biyu. Imel ya zama sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi a fada ba.

Hattara: wasiƙar nan daban take da takardar neman aiki da ake rubutawa da hannu a manna mata tambur, wadda aka saba da ita a jarrabawar shiga aikin gwamnati. Wasu kamfanoni na neman su biyun. Idan sanarwa ta ce da hannu, ka rubuta da hannu da baƙin biro ko shuɗi, ba gogewa. Idan ba ta ce ba, ka buga.

5. Jikin wasiƙa, sakin layi huɗu

Sakin layi na farko jimla biyu ne ko uku: wane ne kai, me kake nema, ina ka ga sanarwar. Yara da yawa suna ɓata shi da yabon kamfani, “kamfaninku mai daraja da ya yi fice wajen gina ƙasa”. Mai karatu ya san kamfaninsa, kai ne bai sani ba. Na yaronmu zai zo kamar haka:

“Ni injiniyan gine-gine ne, na yi karatu a EMIG, kuma na kammala bautar ƙasa ta shekara biyu a wani ofishin fasaha a Tawa. Na ga sanarwarku ta neman shef shantiye don ginin azuzuwa a jihar Tawa, shi ne nake gabatar da kaina.”

A wasiƙarka ta gaske za ka faɗi sunan ofishin da watan da ka gama.

Sakin layi na biyu shi ne zuciyar wasiƙar, nan ne aiki biyun da ka zaɓa za su zauna, da adadi da wuri da tsawon lokaci:

“Cikin wannan lokaci na bi ginin aji uku da makewayi wajen Madawa tsawon wata bakwai, daga haƙar tushe har karɓar aiki ta wucin gadi. Ni ke duba ɗaurin ƙarfe da kofraj kafin kowane zubin beto, ni ke bin adadin buhunan siminti da aka zuba ina gwadawa da abin da zane ya nema. Sau biyu na nemi a dakatar da zubi saboda ƙarfe ya manne da katako, aka gyara kafin a ci gaba. Na kuma halarci gwaje-gwajen daddaɓar ƙasa a gyaran hanyar jar ƙasa ta kilomita 12 wajen Keita, ni ke rubuta sakamakon da daftarin rahoton taro.”

Dubi abin da ke ciki. Babu “mai ƙwazo”, babu “mai son aiki tare da jama'a”, babu “mai jure matsi”. Waɗannan kalmomi kowace wasiƙa da su take zuwa, ido ya daina ganinsu. Amma jimlar dakatar da zubi tana sa injiniya ya ɗaga kai, don ya san dalilin. Ƙarfen da bai samu rufin beto na santimita biyu da rabi zuwa uku ba, danshi na isa gare shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa beton daga ciki bayan ƴan shekaru. Ya kuma san ba ƙaramin abu ba ne yaro ya ce wa tsohon magini a tsaya alhali an riga an kwaɓa. Jimla ɗaya ta faɗi sani da ƙarfin hali ba tare da ka yabi kanka ba.

Sakin layi na uku shi ne gadar da ke kai ka daga kujerar mai dubawa zuwa ta mai gini, kuma shi ne ya fi ƙaranci a wasiƙun da nake gani. Ka amsa tambayar da ke zuciyar mai kamfani tun kafin ya yi ta:

“Na san har yanzu ban riƙe shantiye a gefen kamfani ba. Amma zaman da na yi a gefen masu sa ido ya koya mini abin da suke dubawa da abin da ke sa su ƙi karɓar aiki, kuma zan shirya kowane zubi yadda za a karɓe shi tun karon farko. Na iya fitar da adadin kaya daga zane, na iya cika littafin shantiye kullum, ina aiki da AutoCAD da Excel. Ina jin Hausa da Zabarmanci, kuma na saba magana da magina da hakiman ƙauye a wannan yanki.”

Wasu na jin tsoron jimlar farko, suna ganin tona wa kai asiri ne. Ni ina ganin ita ce ke ba sauran nauyi. Aikin da aka ƙi karɓa asarar siminti ce da ƙarfe da kwanaki, kuma yana jinkirta biyan kuɗi, don haka wanda ya san idon mai dubawa yana da abin sayarwa na gaske.

Maganar harshe kada ka raina ta. A ofis Faransanci ake yi, amma a bakin ramin tushe da Hausa ko Zabarmanci ake cewa a ƙara tsakuwa a rage ruwa, wajen Abalak kuma Tamashek na da amfani. Ka faɗi waɗanda kake ji da gaske. Haka manhajojin kwamfuta: ka ambaci wanda za ka iya buɗewa a gabanmu ka yi aiki da shi. Idan sau biyu ka taɓa Robot ko Covadis a makaranta, ka bar su a tarihin aiki da alamar cewa farkon sani ne. Idan ka iya riƙe na'urar auna tudu da kwari ka ɗora matakin tushe da kanka, wannan ka faɗe shi a wasiƙa, don a ƙaramin shantiye ba kullum ake samun mai awo ba.

Sakin layi na huɗu gajere ne: ranar da za ka iya fara aiki, ko ka yarda ka zauna a wurin aiki a wajen gari, da ko kana da parmin tuƙi. Sai jimlar rufewa da aka saba, da sa hannu:

```
Veuillez agréer, Monsieur le Directeur Général,
l'expression de ma considération distinguée.
```

Hattara: idan ka buɗe wasiƙa da sunan muƙami guda, da shi za ka rufe. Kuma ka bincika ko shugaban mace ce. Na ga wasiƙu da aka kwafo daga ta aboki, sama tana gaida darakta, ƙasa tana gaida minista, tsakiya kuma ga sunan wani kamfani daban. Kada kuma ka manta da sa hannu, ko da a kwamfuta za ka aika, ka sa hannu a takarda sannan ka ɗauki hotonta da na'urar sikan.

6. Albashi da wurin zama

Idan sanarwa ba ta tambayi albashin da kake so ba, kada ka taɓo shi, kuma kada ka kawo kukan cewa kuɗin bautar ƙasa ba ya isa ko kana da iyali. Gaskiya ne, amma ba wurinsa ba ne. Idan ta tambaya, ka tambayi yayyenka biyu ko uku da ke irin wannan aiki, ka ba da tazara daga kaza zuwa kaza, ka bayyana ko kafin cire haraji da kuɗin asusun ma'aikata kake nufi ko bayan cirewa.

Wurin zama ya fi albashi muhimmanci a wannan matakin. Ofishin kamfani na Yamai, amma shantiyen na iya zama Buza ko Illela, fiye da kilomita 500 daga gida, wata shida ba dawowa sai jefi-jefi. Idan ka yarda, ka rubuta, don yana ɗaga dosiye sosai. Idan akwai yankin da ba za ka iya zuwa ba saboda tsaro ko rashin lafiyar iyaye, kada ka rubuta “ko'ina cikin ƙasa” sannan ranar tafiya ka kashe waya. Ka ambaci jihohin da za ka iya kawai.

7. Takardun rakiya da abin da za ka kashe

Sanarwa ita ke faɗin abin da za a haɗa, ka jera su daidai yadda ta jera. Galibi za ka ga tarihin aiki mai sa hannu da kwanan wata, kwafin diploma ko takardar shaidar nasara da aka buga wa hatimin tabbatarwa, takardar kammala bautar ƙasa, takardun shaidar sitaj, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna ba ka da laifi wadda ba ta wuce wata uku ba, da katin rajista na hukumar samar da aiki ta ANPE.

Takardu biyu ne ke jawo jinkiri. Takardar kotu tana mutuwa bayan wata uku, don haka kada ka ciro ta tun ba ka ga sanarwa ba, kada kuma ka bari sai saura kwana biyu, musamman idan an haife ka a wani gari. Ta biyu ba ta ma cikin jerin sau da yawa, amma ta fi sauran amfani: takardar shaida daga shef ɗin da ka yi aiki ƙarƙashinsa, wadda ta lissafa ayyukan da ka bi. Takardar kammalawa tana cewa ka yi shekara biyu ne kawai, ba ta ambaci aji uku ko kilomita 12 ba. Ka je wurin shef ɗinka tun kafin a sauya masa wurin aiki, ka gaishe shi, ka kai masa daftari da ka rubuta da kanka don ka rage masa wahala, ya gyara ya sa hannu da hatimi. Ka kuma nemi izininsa kafin ka ba da lambarsa a matsayin wanda za a tambaya game da kai.

Kuɗi ba su da yawa amma suna taruwa: bugawa, kwafi, tambura, hatimin tabbatarwa a meri ko komisariya, ambulan babba, da kuɗin kabukabu. Ni nakan ce yaro ya ware kamar jika biyar zuwa goma don dosiyen farko, ya tabbatar da kwafi uku-uku na kowace takarda lokaci ɗaya, dosiye na biyu da na uku sai su zo da araha. Kada ka taɓa saka takarda ta asali cikin ambulan, dosiye ba ya dawowa.

8. Karatu na ƙarshe da miƙawa

Ka bar wasiƙar ta kwana, da safe ka karanta ta da ƙarfi. Sannan ka ba mutum biyu: wanda ya iya Faransanci sosai ya duba nahawu, da injiniyan da ya girme ka ya duba kalmomin sana'a. Kuskuren rubutu a sunan kamfani ko a sunan muƙamin shi ne mafi muni.

Idan da hannu za ka kai, ka rubuta sunan muƙamin a bayan ambulan, ka tafi da kwafin wasiƙar ka roƙi sakatariya ta buga maka hatimin karɓa da kwanan wata. Ka je da safe, kwana biyu ko uku kafin rufewa, da tufafi masu tsabta. Idan ta imel ne, ka haɗa komai cikin fayil ɗaya na PDF bisa jerin sanarwa, wasiƙa a gaba, ka ba shi suna mai ma'ana:

```
NOM_Prenom_Chef_de_chantier.pdf
```

Kada ka aika hotuna goma sha biyar da ka ɗauka a kan tabarma, inuwar hannunka a kai. Ka buɗe fayil ɗin a wayar wani ka tabbatar yana karantuwa. Bayan kwana goma zuwa mako biyu da rufewa, kira ɗaya ko ziyara ɗaya cikin ladabi ta isa.

9. Shirya kare kowace jimla

Ranar ganawa wasiƙarka na kan tebur, kuma daga cikinta za a ciro tambayoyi. Yaronmu ya rubuta cewa yana bin adadin siminti, to sai a ce masa: ga cikakkiyar dal, wato shimfiɗar beto, mai tsawon mita 8, faɗin mita 7,5, kaurin santimita 15, buhu nawa za ka nema? Lissafin a ka ake son ya yi shi. Mita 8 sau 7,5 ya ba da murabba'in mita 60, sau 0,15 ya ba da kubik 9. Beton da ke ɗauke da ƙarfe an saba kwaɓa shi da kilo 350 na siminti a kowane kubik, wato buhu 7 masu kilo 50. Kubik 9 sau 7, buhu 63, sai ya ƙara biyu ko uku saboda zubewa. Wanda ya tsaya yana laluben waya a nan, jimlarsa ta faɗi.

Ya rubuta cewa ya halarci gwajin daddaɓa, za a tambaye shi me ake gwadawa. Amsar ita ce nauyin ƙasar da aka daddaɓe a hanya ake kwatantawa da mafi girman nauyin da gwajin Proctor ya bayar a ɗakin gwaji, kuma takardar sharuɗɗan aiki ita ke faɗin kason da ake so, sau da yawa kashi 95 cikin ɗari ko sama. Idan bai kai ba, a duba ruwan da aka yayyafa da kaurin shimfiɗar, a sake bi da injin. Za a iya tambayarsa yaushe ake fasa samfurin beto, ya ce a kwana 7 da kwana 28, na 28 shi ne hukunci. Ni kuma tambayar da na fi so ita ce ta watan Afrilu: zafi ya haura digiri 40, ga zubin dal gobe, me za ka yi? Ina son in ji ya ce zai fara tun da asuba, zai jiƙa katakon kofraj, ba zai bari a ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi laushi ba, zai rufe dal ɗin da buhuna masu danshi a yi ta ba ta ruwa har mako guda, kuma tun yau zai tabbatar tanka ta kawo ruwan da zai isa, don a ƙauyukan Tawa ruwan ne ke fara yankewa kafin siminti.

Don haka kafin ka rufe ambulan, ka ɗauki fensir ka bi wasiƙar layi-layi, kowace jimla ka rubuta a gefenta tambayar da za ta iya jawowa, ka amsa da baki. Wadda ka kasa amsawa cikin minti ɗaya, ko ka koma littafi a daren nan, ko ka cire ta ka sake bugawa.